Daga kanta zuwa kwali: yadda ake tsinto kayan da ka saya a intanet

Da zarar ka danna maɓallin biya a wayarka, sai odar ta faɗa manhajar wani katafaren sito, inda dole wani ma'aikaci ya taka ya ɗauko kayan. Tafiyar nan ce ke cinye kaso mafi tsoka na lokacinsa, shi ya sa duk dabarun tsintar kaya suke ƙoƙarin rage ta.

A ɗauki misalin siton kayan waya da oda 12 ke jira, takwas daga ciki na caja iri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce oda ɗai-ɗai: ma'aikaci ya gama da ta mutum guda, sannan ya koma ta gaba. Kuskure ba ya yawa, domin kwando ɗaya ne a hannunsa. Amma idan kowane zuwa da dawowa mita 200 ne, ya taka mita 2,400 ke nan, kuma ya tsaya gaban kantar caja sau takwas.

Ɗauka a dunƙule ita ke maganin wannan. Manhaja za ta haɗe odojin 12, ya tura amalanke mai kwanduna 12, ya kwashi caja takwas a tsayuwa guda. Ko da zagayen ya kai mita 500, an rage kusan kashi 80 cikin ɗari na tafiyar. Sai dai wahalar ta koma wajen rarrabawa. Kebul mai bakin USB-C da mai bakin Lightning sun yi kama a cikin leda, kuma da zarar ɗaya ya faɗa kwandon da ba nasa ba, kwastoma biyu ne za su yi ƙorafi. Don haka ake haska lambar kayan da sikana, a kuma haska ta kwandon kafin a jefa. Idan kayan da ake maidowa suka ƙaru bayan an koma wannan tsari, nan ya kamata a fara dubawa.

A tsarin shiyya-shiyya kuwa, kowa na da layukansa, kwando ne ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Ma'aikaci yakan haddace wurinsa, cunkoso ya ragu. Matsalar ita ce ranar da aka karya farashin caja: kwanduna su taru a shiyya guda, mai kula da iyafis yana zaune.

Tsarin zango-zango shi da agogo yake aiki. Idan motar kai kaya za ta tashi ƙarfe 4, sai a saki odojinta tare da ƙarfe 2. Odar da ta shigo 2:05 na iya jiran zango na gaba, wanda sau da yawa shi ke mayar da "yau" ta zama "gobe".

Manyan sito kan gauraya tsare-tsaren ne. Amazon ma ya bi ta wata hanyar: a 2012 ya sayi Kiva Systems kan dala miliyan 775, don na'urorinsa su riƙa ɗauko kantar sukutum su kawo gaban ma'aikaci.