Daga Gonar Auduga Zuwa Kantin Kwari: Rukunai Uku na Tattalin Arziki

A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makarantarmu ta ɗauko wani darasi da ke yawan fitowa a jarrabawar tattalin arziki da ta labarin ƙasa, wato yadda ake raba ayyukan mutane zuwa rukunai uku. Haddace sunayen rukunan ba wuya. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne a ce su bayyana dalilin da ya sa rabon kowane rukuni ke sauyawa idan ƙasa tana bunƙasa, kuma shi muke son mu warware.

Mu ɗauki rigar makaranta. Asalinta auduga ce da wani manomi ya shuka, a ce a yankin Funtuwa. Wannan manomi yana rukuni na farko, rukunin masu ciro abu kai tsaye daga ƙasa ko ruwa. Makiyayi da masunci da mai haƙar kuza da mai haƙo ɗanyen mai duk nan suke. Daga gona sai a kai audugar gidan gurza a raba ta da angurya, a kaɗa ta ta zama zare, a saƙa, a rina, tela ya ɗinka. Wannan shi ne rukuni na biyu, na masu sarrafa ɗanyen kaya ya koma wani abu dabam. Magina ma a nan ake lissafa su. Sai rukuni na uku, na masu hidima, waɗanda ba su ƙera komai amma idan babu su rigar ba ta iso mu ba: direban da ya ɗauko dilar yadi, ɗan kasuwar Kantin Kwari, ma'aikacin bankin da ya tura kuɗin. Malamanmu da likitoci su ma a nan suke.

A kula, aikin mutum ake dubawa, ba kayan da ke hannunsa ba. Mai noman gyaɗa yana rukuni na farko, matar da ke matse mai ta soya ƙuli-ƙuli tana na biyu, yarinyar da ke tallan ƙulin tana na uku, alhali gyaɗar ɗaya ce.

Masana irin su Colin Clark sun lura cewa ƙasashen da suka yi arziki sun bi hanya kusan iri ɗaya. Da farko yawancin mutane manoma ne, sai masana'antu su janye su, daga baya hidima ta rinjayi duka. Dalilai biyu ne manya.

Dalili na farko yana gona. Mu ƙaddara wani ƙauye mai ma'aikata 100 da ke cin buhu 700 na hatsi a shekara. Idan kowane manomi buhu 10 yake samu da fartanya, dole mutum 70 su tsaya a gona, saura 30 ne kawai za su yi ƙira da saƙa da fatauci. To a ce an samu garmar shanu da taki da iri mai kyau, har kowane manomi ya koma samun buhu 35. Yanzu mutum 20 sun isa su noma buhu 700 ɗin nan, mutum 50 kuma sun samu sarari su kama wata sana'a. Rabon noma ya faɗi daga kashi 70 zuwa kashi 20 cikin 100, amma ko tiya ɗaya ba ta ragu a rumbu ba.

Dalili na biyu yana aljihu. Ciki yana da iyaka. Magidancin da ke samun naira 100,000 a wata yana iya kashe 60,000 a abinci. Idan samunsa ya kai 300,000 zai ƙara nama da madara, wataƙila cefanen ya kai 90,000, amma ba zai ci tuwo sau tara a rana ba. Kuɗin abinci ya ƙaru, rabonsa kuwa ya sauka daga kashi 60 zuwa kashi 30. Ragowar sai ta tafi ga kwanon rufi da babur, wato rukuni na biyu, sannan ga kuɗin makaranta da asibiti da katin waya, wato rukuni na uku. Wani Bajamushe mai suna Ernst Engel ne ya nuna wannan tun 1857.

Koriya ta Kudu ta bi wannan hanya cikin sauri. A farkon shekarun 1960 fiye da rabin ma'aikatanta manoma ne. Ta fara da saƙa da ɗinkin tufafi don sayarwa waje, ta koma ƙarfe da jiragen ruwa da motoci, sannan kayan lantarki. Yau manomanta ba su kai kashi 10 cikin 100 na ma'aikata ba, kuma mafi yawan jama'arta hidima suke yi.

Najeriya ba haka ta bi ba. Lokacin samun 'yanci a 1960, noma ne ke ba da fiye da rabin abin da ƙasa ke samarwa, zamanin dalar gyaɗa a Kano. An kuma fara hawa matakin masana'antu: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Kano ta cika da kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Amma an riga an gano mai a Oloibiri a 1956, kuma da kuɗinsa ya kwararo a shekarun 1970, shigo da kaya daga waje ya fi yin su a gida sauƙi. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da yadi mai araha da ake shigowa da shi suka rufe masaƙu da yawa. Ɗanyen mai kuwa rukuni na farko ne, kuma mutanen da yake ɗauka aiki kaɗan ne. Matashin da ya bar gona bai tarar da kamfani ba, sai ya kama acaba ko tireda. Shi ya sa da aka sake lissafin tattalin arzikin ƙasa a 2014, aka ga hidima ta haura rabi, masana'antu kuwa ba su wuce kusan kashi 10 ba.

Ke nan girman rukuni na uku shi kaɗai ba shaida ce ta ci gaba ba, domin likitan tiyata da mai tallan ruwan leda duk a cikinsa suke. Don gane gaskiyar lamarin, sai a haɗa alƙalumma biyu: kashi nawa na ma'aikata ke cikin rukunin, kuma kashi nawa na arzikin ƙasa yake samarwa. A Najeriya kusan sulusin ma'aikata suna noma, amma abin da noman ke bayarwa bai wuce kusan rubu'i ba. Wannan giɓin yana nuna cewa abin da kowane manomi ke samarwa bai kai na matsakaicin ma'aikaci ba. Tambaya ta biyu ita ce, waɗanda suka bar gona, aikin da suka kama ya fi na da samarwa? Idan buhunan manomi ba su ƙaru ba, kuma ɗansa ya zo birni yana samun abin da bai wuce na gona ba, wurin zama kawai aka sauya.

Ga aikin da muka bar wa kowane aji: a rubuta babbar sana'ar mai ciyar da gidan kowane ɗalibi, ba tare da suna ba, a sa ta a rukuninta, a fitar da kashi cikin 100. Sannan a tambayo sana'ar kakanni a yi musu irin wannan lissafin. A miƙa sakamakon ga sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a, za mu liƙa shi a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya yarda.