Tankin Ruwa Na Ƙarƙashin Ƙasa: Aikin Da Ba Ya Son Rowa

Duk wanda ya zauna a Chikaji, ko wata unguwa ta Sabon Gari da Samaru, ya san yadda sha'anin ruwa yake. Daga watan Mayu zuwa Satumba sama na zubo wa ƙasar Zazzau ruwa kimanin inci 40, har lambatu su cika su batse. Amma da an shiga bazara sai rijiyoyi su ja baya, famfo ya zo yau ya ɗauke gobe, masu kurar ruwa kuwa su ƙara wa jarka kuɗi. Saboda haka magidanta da yawa suka koma ga gina tanki a ƙarƙashin ƙasa, don su tara ruwan sama, ko na famfo ran da ya zo, ko wanda motar tanka ta kawo. Shawara ce mai kyau. Sai dai sau da yawa mutum yakan kashe kuɗinsa, ya cika tanki, bayan mako biyu ya leƙa ya tarar rabin ruwan ya zurare. Laifin kuwa ba ya wuce ɗayan wurare uku, watau bango, da shafe, da murfi.

Bari mu ɗauki gida mai mutum goma mu yi misali da shi. A ce cikin tankin tsawonsa ƙafa 10 ne, faɗinsa ƙafa 8, zurfinsa ƙafa 6. Wannan zai ci ruwa wajen lita 13,600, watau jarka 544 mai cin lita 25. In kowa na gidan yana amfani da lita 40 a yini, ruwan zai kai su kwana 34. Cika shi da damina ba wuya, gama rufin kwano mai tsawon ƙafa 40 da faɗin 25 zai cika shi da ruwan sama inci shida ko bakwai kacal.

Tun ba a sa diga a ƙasa ba sai a zaɓi wuri. A nisanta tankin daga shadda da ramin ruwan wanka, aƙalla ƙafa 50, ya kuma zauna ta wajen tudu, su suna gangare. Kada a matsa jikin ɗaki, a bar tazarar da ta kai zurfin ramin, don kada harsashin ɗakin ya zauna. A guji gindin mangwaro da darbejiya, domin saiwarsu ba ta barin inda ta ji danshi. Gidan da ke kusa da fadama ko bakin Kubanni kuwa, mai shi ya dubi inda ruwan rijiyar maƙwabta yake tsayawa a watan Agusta. In ruwan yana tasowa kusa da baki, to, gara a rage zurfin tankin a ƙara masa faɗi.

Ramin da za a haƙa ya fi tankin girma da ƙafa biyu ta kowane gefe, don magini ya sami wurin tsayawa a bayan bango. Zurfin ƙafa shida ya isa, gama ana so bakin tankin ya ɗara ƙasa da kamar ƙafa ɗaya, don kada kwararar ruwan tsakar gida ta faɗa ciki. A daddaɓe ƙasan ramin, a zuba kankare mara ƙarfi inci biyu don ya daidaita, sa'an nan a shimfiɗa rodi mai kaurin rabin inci, a gicciye, tazarar inci takwas. A kansa za a zuba daɓen kankare inci takwas. Haɗinsa shi ne buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa kwano takwas. Tun kafin a zuba, sai a lanƙwasa waɗansu rodi a ɗaure ƙafarsu cikin daɓen, kansu yana kallon sama ta inda bango zai hau. Su ne za su ɗinke bango da daɓe su zama abu guda.

To, ga maganar bango, wadda ita ce gindin al'amarin. Mutane na ɗaukan ruwa abu ne mai laushi, alhali kuwa a ƙasan tankin nan kowace murabba'in ƙafa tana ɗauke da nauyin da ya kai na buhun siminti uku da rabi. In tankin ya cika, bangon nan mai ƙafa 10 ana tura shi waje da ƙarfin da ya kai tan biyar. In kuma ya zama wofi, sai jiƙaƙƙiyar ƙasar damina ta riƙa turo shi ciki. Ashe bangon yana tsakanin abokan kokawa biyu ne, in wannan ya huta wancan ya kama. Bulo mai inci shida ba shi da wannan ƙarfi, ko da ya isa katangar gida. Bulo mai inci tara ma, in an bar cikinsa fanko, tulu ne kawai da aka jera.

Abin da ya kamata shi ne bulo mai inci tara, mai siminti sosai, wanda ba ya marmashewa in an kankare shi da ƙusa. A zura rodi a kowane rami na bulon, a ɗaure shi da wanda ya fito daga daɓe. Duk layi biyu sai a tsaya, a cika ramukan da kankare, a caccaka da sanda har iska ta fita, a kwantar da rodi a kan layin ya zagaye kusurwa a lanƙwashe, kada a yanke shi a nan. Kusurwa ita ce inda bango yakan fara buɗewa. Wanda ke da hali ya kafa katako ya zuba bangon kankare zalla mai inci takwas, wannan ya fi. Amma in zurfi zai wuce ƙafa shida ko bakwai, lissafin nan bai isa ba, sai a nemi injiniya ya auna, domin ƙarfin da ke kan bango yana ninkuwa huɗu in zurfi ya ninku biyu.

Da bango ya kai, sai murfi. A kafa katako bisa turaku, a jera rodi mai rabin inci ta gajeren ɓangare, watau ƙafa 8 ɗin nan, tazarar inci shida, su ne a ƙasa. Na dogon ɓangare su hau kansu, tazarar inci takwas. A ɗaga rodin daga katako da ƙananan gutsattsarin kankare, kamar inci ɗaya da rabi, domin tururin ruwa ba ya rabuwa da ƙarƙashin murfi, rodin da ya leƙo kuwa tsatsa za ta ci shi ta fasa kankaren. Rodin bango a lanƙwaso shi cikin murfin, don murfin ya riƙe kan bangon. Kaurinsa inci shida, zai kuwa ci siminti wajen buhu goma. A bar ƙofa ƙafa biyu da biyu kusa da bango, a ƙara rodi a kewayenta, a ɗaga mata baki inci huɗu. A zuba kankaren a yini ɗaya, a yi ta ba shi ruwa, kada a cire turaku sai ya yi mako uku. Murfin nan na mutane ne da turmi da tabarya. Mota ba ta hawansa, balle tanka.

Bayan an kwashe katako sai shafe, nan ne kuma ake gane magini. Bulo da kankare su ne ƙarfi, amma shafe ne ke tare ruwa. Ana so a tankaɗe yashi mai tsabta, wanda in an damƙa ba ya ɓata hannu da laka. A jiƙa bango, a watsa masa ruwa-ruwan siminti da yashi don ya yi kaushi. Kashegari a yi shafe na fari, rabin inci, siminti kwano ɗaya yashi uku, da garin hana yoyo gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙunshinsa. A kakkarce fuskarsa tun yana ɗanye. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka a bi da na biyu, rubu'in inci, a goge shi da cokalin ƙarfe har ya yi santsi. Kowane shafe a gama shi ran da aka fara, bango da daɓe gaba ɗaya, gama inda aikin jiya ya haɗu da na yau nan ruwa ke bi. Inda bango ya sadu da daɓe, da inda bango biyu suka sadu, kada a bar lungu mai kaifi. A cika shi da kwaɓi, a ja kwalba a kai ya yi kwana. Wurin da bututu ya ratsa bango ma a yi masa haka, shi ya sa ake sa bututu tun ana gini, ba a fasa daga baya.

Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri ya mutu. Saboda haka a yi ta yayyafa wa shafen ruwa safe da yamma har kwana bakwai ko fiye, musamman lokacin hunturu da iska ke tsotse danshi. Shafen da ya yi ƙishi yakan tsattsage kamar yanar gizo, in kuwa aka ƙwanƙwasa shi aka ji yana amo kamar ganga, ya rabu da bango ke nan, sai a sassaƙe wurin a sake.

Kada a yi gaggawar mayar da ƙasa. A fara shafe bayan bangon, a cika tankin sannu a hankali, a bar shi mako guda bango ya sha iyakar shansa. Sa'an nan a ƙara ruwa, a yi alama, a rufe, a sake ba shi mako guda. In abin da ya ragu bai kai rabin inci ba, aiki ya yi. In kuwa yana sauka inci guda kullum, to, jarka bakwai da rabi ke ɓacewa kowace rana, danshin da ya fito ta baya kuma shi zai nuna inda ɓarakar take. Da an gamsu sai a shafa kwalta sau biyu ta waje kaɗai, ban da ciki, a mayar da ƙasa inci shida shida, ana daɓewa, ana zagayawa ta kowane gefe daidai. Ruwan gwajin nan ya ɗauki kaifin siminti, a yi wanki da shi, kada a sha.

Saura ƙananan abubuwa da kan jawo babbar nadama. Bututun iska da na ambaliya a sa musu raga, don sauro da ƙadangare. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke kwano ya zube waje. A wurin da ruwan ƙasa ke tasowa kada a kwashe tanki ƙaf a tsakiyar damina, domin tanki wofi yana iya ɗagawa kamar kwalekwale ya tsage. Mai shiga wanki ya bar ƙofa a buɗe, wani yana tsaye a waje, kada kuma a shigar da injin fetur ciki, hayaƙinsa na kisa. Ƙofar kuwa a yi mata marufin ƙarfe da kwado, mabuɗin yana hannun babba. Ruwa mai zurfin ƙafa shida ya fi ƙarfin yaro, kuskure ɗaya ya isa. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.