Kankaren mota: kubik nawa za ka ce a kawo?

Mai kwaɓa kankare da shebur, idan ya ga bai isa ba, sai ya fasa wani buhun siminti. Wanda ya yi odar haɗaɗɗe daga kamfani ba shi da wannan gatan. Abin da ya faɗa shi mota za ta kawo, shi zai biya. In ya gaza, aiki ya tsaya. In ya yi yawa, ba a mayarwa.

A ɗauki daɓen sito irin na hatsi a Dawanau: tsawo mita 20, faɗi mita 12, kauri santimita 15. A takarda, 20 × 12 × 0.15 = 36, wato kubik mita 36. Magina da yawa sukan ɗora kashi goma cikin ɗari, su ce a kawo 39.6, su kwanta da daɗi. Ni dai ban yarda da kason da ake ɗorawa ido rufe ba, domin bai san ƙasar da za a zuba a kai ba.

Ƙasar kuwa ita ce babbar mai ci. Faɗin wannan daɓe murabba'in mita 240 ne, don haka duk santimita ɗaya da ciko ya yi ƙasa yana shanye kubik 2.4. Santimita ɗaya ba ta kai kaurin yatsa ba, ido ba ya ganinta a fili mai faɗi haka. Cikon da ba a daddaɓe sosai ba yakan lotsa, tayar tifa ta bar kwari, ruwan sama ya zaizaye gefe. Saboda haka kwana ɗaya kafin zubi, a ja igiya daga bakin katako zuwa ɗaya bakin, daidai inda saman daɓen zai tsaya, a auna zurfi a wurare kamar 20, tsakiya da gefe, a tara a raba. A ce an samu 16.5. Lissafi ya koma 240 × 0.165 = 39.6. Kason goman nan ƙasa ta cinye shi tas, tun mota ba ta taso ba. Wanda ya ga haka da wuri yana da zaɓi: ya cike kwarin da yashi ya daddaɓe, don yashi ya fi kankare arha nesa ba kusa ba.

Sai famfo. Idan mota ba za ta iya isa bakin aiki ba, aka shimfiɗa bututu, sai ya cika kafin komai ya faɗo a ɗaya bakin. Bututu mai faɗin milimita 125 yana riƙe kusan lita 12 a kowace mita, ke nan mita 60 sun riƙe kubik 0.7. A mazubin famfon, inda mota ke juyewa, akan bar ragowar da injin ba ya iya zuƙewa, a ware mata kamar 0.4. Ga kuma ruwan simintin da ake fara turawa don ya sulɓe cikin bututu: shi da ɗan kankaren farko da ya gauraya da shi gefe ake zubar da su. Akan ceto wani abu in an kwance bututun an zazzage, amma kada a dogara da shi. A rubuta 1.2.

Zubewa ba ta da yawa a daɓen ƙasa: abin da ya fantsama, wanda ya maƙale a baro da shebur, wanda ya tsiyaye inda katako ya buɗe baki. Kashi biyu cikin ɗari ya wadatar in katakon ya ɗauru, wato 0.8.

Jimla 41.6. Mai kason goma ya gaza da kubik biyu, kuma kubik biyu a wannan kauri fili ne na murabba'in mita 12, girman ɗaki guda. Kafin a kira kamfani, a haɗa, mota ta ratso cunkoson Kano, wanda aka zuba ya fara kamawa a rana. Sabo ba zai haɗe da tsoho ba, sai a samu gaɓa mai rauni, inda tsagewa da shigar ruwa suka fi farawa. Nan ne wani zai ce a ƙara ruwa ya yaɗu. Kada a yarda. Ƙarfin daɓen ake sayarwa.

Dabarar masu aikin ita ce kada a yanke motar ƙarshe tun farko. In motar kamfanin tana ɗaukar kubik 8, a tabbatar da biyar, a ce ta shida ta jira waya. Da an gama juye ta huɗu, a auna filin da ya rage, a ninka da zurfinsa, a cire takwas na mota ta biyar, saura shi ne odar ƙarshe. A wannan lissafin ba a sake ƙara na bututu, tunda ya riga ya cika. A tambayi kamfani tun wajen ciniki ko akwai ƙarin kuɗi a kan motar da ba ta cika ba, kuma a kafa katakon ɗan gangaren ƙofar sito a gefe, inda za a juye rabin kubik in ya ragu.