Wasiƙar neman aiki ga wanda bai san ka ba

A ce wata mai ɗaukar hoto a Kano ta ga wani shagon atamfa a Kantin Kwari yana tallar kayansa da hotuna masu duhu, launin zanen ma bai fito ba. Ba ta san mai shagon ba, amma ta samu adireshinsa na imel. Me za ta rubuta?

Kanun saƙon shi ne abin da zai fara gani, saboda haka ya zama gajere, ya kuma shafe shi: "Hotunan atamfofin shagonku". Bayan sallama da gaisuwa ta layi ɗaya, sai ta faɗi abin da ta gani, ba tare da kushe ba, domin babu ɗan kasuwar da zai ci gaba da karanta saƙon da ya raina hajarsa: "Alhaji, na ga sababbin atamfofinku, sai dai hasken hoton ya ɓoye kyan launinsu." Daga nan jimla biyu sun isa ta faɗi sana'arta da abin da zai ƙaru da shi.

Inda akasari ake ɓata rawa da tsalle shi ne ƙarshen wasiƙar. Wani zai ce a kira shi, a duba ayyukansa, a kuma tura wa abokai. Mai shago da ke tsakiyar ciniki ba zai tsaya zaɓe ba, rufe saƙon zai yi. Buƙata ɗaya za ta ajiye masa, wadda amsarta e ce ko a'a: "In kun amince, in zo ranar Talata da safe in ɗauki hoton turmi uku kyauta ku gani?"

Idan mako ya wuce shiru, ta tuna masa sau ɗaya, a ƙarƙashin saƙon farko, da wannan tambayar dai.