Kuɗin Mamaci a Banki da a Waya: Yadda Magada Za Su Karɓa

Yau za mu duba abin da ke faruwa da kuɗin da mutum ya bari a banki ko a asusun waya idan Allah Ya karɓi ransa, da takardun da ake nema kafin a saki kuɗin ga magada.

A ƙasar Funtua da Malumfashi, cinikin masara da waken suya da auduga ya koma taransifa. Manomi ya sayar da buhuna a kasuwar Dandume ko Bakori, alat ya shigo waya, ya kama hanyar gida. To, ranar da ya rasu, kuɗin nan sun zama dukiyar gado, kuma izinin da ya taɓa ba ɗansa na riƙe kati ko sanin lambar sirri ya ƙare tare da shi. Duk wanda ya je wurin mai POS ya cire kuɗi bayan rasuwa, ko da niyyarsa mai kyau ce, ya taɓa haƙƙin marayu, kuma bayanin asusu zai nuna rana da lokacin da aka cire. Haka nan wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci lokacin buɗe asusu ba shi ne mai kuɗin ba. Shi dai mutum ne da banki zai tuntuɓa.

Bari mu ɗauki misali. Manomi ne kuma dillalin hatsi a wani ƙauye kusa da Kafur. Ya rasu a gida da asuba, aka yi masa sutura kafin azahar. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifinsa kuwa ya riga shi rasuwa. Yana da asusu a wani banki a Malumfashi, da wani asusun a waya.

Takarda ta farko ita ce shaidar rasuwa. Da a asibiti ya cika, likita ne zai ba da ita. Tunda a gida ne, iyalin za su fara da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, sannan a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma, domin ita ce doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. A nan ake son natsuwa. A rubuta sunan mamaci daidai da yadda yake a BVN da NIN ɗinsa. Idan a gari an san shi da laƙabi, ko ana jingina shi da sunan ƙauyensu, amma a banki sunansa ne da na mahaifinsa, to na banki za a bi. Bambancin suna kaɗai na iya sa a yi ta sintiri wata da watanni.

Mataki na biyu, a kai wa banki wasiƙar sanar da rasuwa tare da kwafin shaidar. Banki zai hana fitar kuɗi daga asusun. Wasu na ganin wannan a matsayin mugunta, alhali kariya ce ga kowane magaji, musamman mata da ƙananan yara da ba su san inda katin yake ba.

Mataki na uku shi ne kotu, domin banki ba ya raba gado, izinin kotu yake bi. Musulmi kan shigar da maganar a kotun shari'ar Musulunci, inda alƙali zai tantance magada da shaidu, ya rubuta wa banki ya bayyana abin da ke cikin asusun, sannan ya ba da umarnin sakin kuɗin. Wasu bankuna kuma sai an kawo musu takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. A can ana cika fom, a gabatar da wakilan iyali, galibi mutum biyu, da masu tsaya musu, a buga sanarwa domin mai ƙorafi ya fito, a kuma biya kuɗin hukuma gwargwadon darajar dukiyar. Saboda haka, tun ranar da kuka kai wasiƙa, ku nemi banki ya ba ku jerin abin da yake buƙata a rubuce. Ku tanadi katin shaida da hotunan fasfo na wakilan, domin sau da yawa sabon asusu ake buɗewa da sunan dukiyar marigayi a zuba kuɗin a ciki.

Asusun waya ma wannan hanyar yake bi. OPay, PalmPay, Moniepoint, MoMo da SmartCash duk suna aiki ne da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma mai POS na bakin kasuwa ba shi da ikon sakin kuɗin mamaci. Sai an tuntuɓi kamfanin ta ofishinsa ko sashen kula da abokan hulɗa, da shaidar rasuwa da takardar kotu. Abin da za a kiyaye shi ne layin waya, tunda lambar asusun sau da yawa ita ce lambar wayar. Layin da ya daɗe a kashe, kamfanin sadarwa na iya janye shi ya sayar wa wani. A ajiye layin a hannun amintacce da sanin kowa, a bar shi a kunne, kada a taɓa kuɗin. Saƙonnin alat da ke ciki su ne ma za su nuna ko akwai wani asusun da iyali ba su sani ba.

Mu koma kan dillalinmu. A ce an tattara naira miliyan 3 daga asusun biyu. Ba duka ne gado ba. Littafinsa da shaidu sun tabbatar da cewa naira 400,000 kuɗin masarar wani manomi ne da ya sayar masa bai kai ga miƙawa ba. Wannan amana ce, a mayar wa mai ita. Akwai kuma hidimar jana'iza da bashin taki, naira 200,000, kuma bai bar wasiyya ba. Saura naira miliyan 2 da 400,000. Matan biyu suna da tumuni, wato naira 300,000, kowacce 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, naira 400,000. Ragowar naira miliyan 1 da 700,000 a kasa biyar, kowane ɗa namiji ya ɗauki 680,000, 'yar kuma 340,000. Idan akwai ƙaramin yaro, kotu ce za ta faɗi wanda zai riƙe masa kasonsa. Wanda kuma mamacinsa ya ci bashin banki, ya sani cewa banki kan cire haƙƙinsa kafin ya saki saura.

Ga waɗanda mamacinsu ya daɗe da rasuwa, kuɗin ba su salwanta ba. Bisa ƙa'idar da Babban Bankin ya fitar a 2024, kuɗin asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da su ajiya a hannunsa, kuma magada na da damar nema ta bankin da asusun yake, da waɗannan takardu da muka lissafa.

Masu sauraro, idan akwai irin wannan asusu a gidanku, ku zauna da dukkan magada, ku zaɓi wakilai, ku fara da shaidar rasuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu sauke haƙƙin marayu.