Yadda Ake Gano Gaskiyar Abin Da Ke Cikin Buhun Taki

Lambobi uku da ke jikin buhun takin zamani alkawari ne da kamfani ya ɗauka. Idan aka rubuta 20-10-10, ana nufin cikin kowane kilo 100 akwai kilo 20 na naitrojin, kilo 10 na fosfet da kilo 10 na fotash. A buhu mai kilo 50 ke nan manomi ya biya kuɗin kilo 10 na naitrojin, da kilo biyar-biyar na sauran biyun. Ido ba ya iya tabbatar da wannan, haka ma shinshinawa ko murza ƙwaya a tafin hannu. Wanda ke iya faɗa shi ne ɗakin gwaji, shi ma sai in an kai masa samfurin kirki.

Yawancin kamfar da ake sayarwa a Nijeriya a yau gauraye ne. A cibiyoyin haɗa taki ana zuba yuriya, mai naitrojin kashi 46 cikin ɗari, da DAP, mai naitrojin 18 da fosfet 46, da MOP, mai fotash kusan 60, sannan a cike da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa. Don a samu 20-10-10, buhu guda zai ɗauki wajen kilo 17 da rabi na yuriya, kilo 11 na DAP, kilo 8 da ɗoriya na MOP, ragowar kilo 13 kuma farar ƙasa ce. Saboda haka ganin farar tsakuwa a cikin taki ba shi ne shaidar algus ba. Tana da gurbinta a lissafi. Algus yana farawa ne idan ta ci gurbin wani.

To amma waɗannan ƙwayoyi huɗu girmansu da nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne matsalar ɗibar samfur take. Duk macen da ta taɓa bakace a faifai ta san tsaki da gari ba sa zama wuri guda in ana girgiza su. Buhun da ya sha jijjiga a bayan tirela haka yake: ƙananan ƙwayoyi suna gangarawa ƙasa, manya suna taruwa a sama da gefe. Wanda ya buɗe bakin buhu ya damƙo hannu guda ya kai gwaji, sakamakon bakin buhun zai samu, ba na buhun ba. Shi ya sa jami'in ɗibar samfur ke amfani da dogon bututun ƙarfe mai tsaga a jiki. Yana kwantar da buhu, ya soka bututun daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juya shi ya cika, ya zaro. Yana yin haka a buhuna da dama daga sassa daban-daban na rumbun, ba na bakin ƙofa kaɗai ba. Sai a haɗe abin da aka ɗiba, a gauraya, a baje, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna a ajiye biyu, a maimaita har ya rage wajen rabin kilo. Ana zuba shi a mazubin da iska ba ta shiga, domin yuriya tana jan laima, a liƙe, a rubuta lambar rukunin da ranar ɗiba. A ganina duk wanda ya yi wasa da wannan mataki ya riga ya ɓata kuɗin gwajin, ko da na'urorin da ke jiransa sun fi na kowa tsada.

A ɗakin gwaji ana niƙe samfurin, a tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido, kuma ba a zubar da abin da ya ƙi wucewa, sai a sake niƙa shi. Dalili kuwa, giram ɗaya ko biyu kacal za a auna, kuma dole wannan ɗan ƙanƙanin gari ya wakilci tirela guda.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar manoman masara ta sayi 20-10-10, ta kai samfur.

Naitrojin aka fi shan wahala a kansa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Johan Kjeldahl, masani ɗan ƙasar Denmak, ya fitar a 1883, kuma har gobe da sunansa ake kiranta. Ana auna giram ɗaya na garin a sikeli mai tsananin daidaito, a zuba a doguwar kwalbar gilashi, a ƙara asid ɗin salfa mai ƙarfi, wato irin wanda ake tsarmawa da ruwa a zuba a batirin mota. Ana haɗawa da wani gishirin fotash da ke sa asid ɗin ya jure zafi sosai kafin ya tafasa, da ɗan sinadarin jan ƙarfe mai hanzarta aikin. Sai a dafa a zafin da ya kusa digiri 400, a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, har ruwan ya washe. A wannan dahuwa yuriya tana wargajewa, naitrojin ɗinta ya koma gishirin amoniya ya zauna a cikin asid.

Idan ya huce, sai a ƙara ruwa da soda mai ƙarfi, irin ta masu yin sabulu. Soda tana sakin amoniya, tururi ya kwashe ta ta cikin bututu mai sanyi, ta ɗiga cikin wani ruwan asid mai laushi da aka sa wa alamar launi. Ruwan da yake ruwan hoda sai ya koma kore. Daga nan ma'aikaci zai riƙa ɗiga wani asid da aka san ƙarfinsa daidai, ɗigo-ɗigo, yana kaɗawa, har launin ya koma yadda yake da farko. Yawan asid ɗin da aka sha shi ne awon amoniyar.

A misalinmu, an haɗa asid ɗin yadda kowace mililita ɗaya take daidai da miligiram 7 na naitrojin. Samfurin ya sha mililita 24.3. An kuma yi gwajin fanko, wato an bi duk matakan ba tare da taki a ciki ba, ya sha 0.3, wanda ke nuna ɗan naitrojin da ya shigo daga kayan aikin kansu. A cire, saura 24. A ninka da 7, an samu miligiram 168 a cikin giram ɗaya, wato kashi 16.8 cikin ɗari. Buhu ya ce 20.

Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya sa hannu nan take, domin kusan duk kuskuren wannan hanya rage sakamako yake yi. In dahuwa ba ta kai ba, ko amoniya ta sulale ta wata mahaɗar bututu da ba ta liƙe ba, lamba za ta faɗi. Akwai kuma babban tarko: wasu takin da ake shigowa da su, wani ɓangare na naitrojin ɗinsu nau'in naitiret ne, kuma hanyar Kjeldahl ta asali ba ta kama shi. Sai an fara mayar da shi amoniya, misali da garin ƙarfen Devarda, wanda gamin jan ƙarfe ne da alminiyon da zinki. In aka manta, taki mai kyau zai fito a matsayin jabu. Maganin shakka shi ne a auna samfurin sau biyu, a kuma bi da wani sinadari tsantsa da aka san adadin naitrojin ɗinsa. In shi ya fito daidai, to laifin ba na ɗakin gwaji ba ne.

Fosfet kuwa da launi ake auna shi. Ana narkar da garin, a tace, a ɗibi wani adadi a ƙara masa ruwan haɗin banadet da molibdet, sai ya koma rawaya. Gwargwadon yawan fosfet, gwargwadon kaurin rawayar. Na'ura tana haska fitila ta cikin ruwan ta auna hasken da aka shanye, a kwatanta da jerin ruwayen da aka haɗa da hannu aka san ƙarfin kowanne. Tambaya mafi nauyi a nan ita ce da me aka narkar da garin. In da asid mai ƙarfi ne, za a samu jimillar fosfet, har da wanda ke daskare a cikin ɗanyen dutse, wanda saiwar masara ba za ta samu a daminar bana ba. Shi ya sa ake auna wanda ke narkewa a ruwa, da wanda ke narkewa a ruwan sitiret, mai kwaikwayon abin da saiwa ke iya ja. Takardar da ta ba da jimilla kaɗai ba ta gama magana ba.

Fotash ya fi sauƙi, tunda gishirinsa na narkewa a ruwa. Ana tacewa, a tsarma sosai, a fesa cikin harshen wutar gas. Fotash yana ba wuta wani launi na kansa, na'ura ta auna ƙarfin hasken, a kwatanta da ruwan da aka san ƙarfinsa. Kuskuren da aka fi yi a tsarmawa yake, domin ɗan kuskure a nan yana ninkuwa sau ɗari a lissafi.

Akwai wani abu da kan haddasa rigima a banza. Na'ura tsantsar sinadarin take aunawa, P da K, alhali lambobin buhu na P2O5 ne da K2O. Ana ninka P da 2.29, K kuma da 1.2. A misalinmu an samu P 4.3, wanda ya zama fosfet 9.8, da K 8.4, wanda ya zama fotash 10.1. Wanda ya ga 4.3 ya ɗauka an cuce shi fiye da rabi, bai duba harafin da ke gefen lambar ba ne.

Yanzu sakamako ya zama 16.8, 9.8, 10.1, kuma karanta su tare shi ke tona abin da ya faru. Da a ce rabuwar ƙwayoyi ce ta sa yuriya ta yi kaɗan a samfurin, da an ga fosfet ko fotash sun haura, tunda su za su cike gurbin. Da yashi aka ƙara wa takin bayan an haɗa shi, da duka ukun sun faɗi tare, gwargwado ɗaya, kuma da an ga tulin abin da ya ƙi narkewa ko a cikin asid. Nan kuwa biyu suna daidai, ɗaya ya faɗi. Alamu sun karkata ga cewa an rage yuriya wajen haɗi, an cike da farar ƙasa. A kowane buhu naitrojin kilo 8.4 ne maimakon 10, giɓin da ya kai wajen kilo 3 da rabi na yuriya. Ƙa'ida ta yarda da ɗan bambanci tsakanin rubutu da sakamako, domin ba wani haɗi da ke fita cif, kuma 9.8 irin wannan ne. Giɓin kashi uku da ɗoriya kuwa ya wuce kuskuren inji.

Tun 2019 Nijeriya ta samu dokar kula da ingancin taki, wadda ta ba jami'ai ikon ɗibar samfur da hukunta masu sayar da abin da bai kai yadda aka rubuta ba. Amma hukunci sai da hujja, kuma hujjar tana lalacewa tun a rumbu in ba a kula ba. Ƙungiyar manoma ko dillalin da zai sayi taki mai yawa ya nemi a ɗibi samfur a gaban mai sayarwa, a raba shi gida uku a liƙe, ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na mai kaya, ɗaya a ajiye don sake awo in gardama ta taso. Idan takarda ta fito, a duba ko tana ɗauke da lambar rukunin da ke jikin buhu, ko ta ambaci hanyar da aka bi wajen auna naitrojin, ko kuma ta bambanta jimillar fosfet da wanda ke narkewa. In babu waɗannan, a mayar da ita a nemi cikakkiya kafin a biya kuɗin kaya.