Jihadin 1804 a kan takarda ɗaya

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa an gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Amma ka tambaye su me ya kai ga me, sai kame-kame. Maganin wannan shi ne taswirar alaƙa: zane ne na akwatuna da kibiyoyi, mai nuna yadda sanadi ya haifi lamari, lamarin kuma ya haifi sakamako.

A kwantar da takarda, a raba ta gida uku, a riƙe fensir domin za a sha gogewa. A tsakiya a sa manyan abubuwan da suka faru, kada su wuce huɗu ko biyar: hijirar Shehu Usman Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, nasarar Tabkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa. A hagu a jera dalilai, amma a bambanta su. Akwai waɗanda suka daɗe suna ruruwa, kamar kukan makiyaya kan jangali da dokokin Sarkin Gobir Nafata, wanda ya hana rawani da lulluɓi. Akwai kuma wanda ya kunna wutar nan take, wato harin da mayaƙan Yunfa suka kai wa mutanen Abdussalami a Gimbana.

Aikin gaske yana kan kibiyoyi. Kowace kibiya sai an rubuta mata abin da take nufi, har a iya karanta akwati biyu a matsayin jimla ɗaya. Gwada Gimbana da hijira. In ka rubuta "ya jawo" kawai, ka yi tsallake. An biyo da kamammun Gimbana ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kuɓutar da su, Yunfa ya umarci Shehu ya rabu da jama'arsa ya bar garin, shi kuwa ya tashi tare da su. Ashe akwati biyu ne suka ɓace a tsakani, kuma kibiyar ce ta tona.

A dama sai sakamako: kafa Sakkwato a 1809, raba ragamar mulki tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello a 1812, da komawar tsofaffin sarakunan Katsina yankin Maraɗi. Wannan na ƙarshe kada a bar shi a rufe, domin daga Maraɗi aka shafe shekaru ana kai wa daular hari. Sakamako ya zama sabon sanadi ke nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar "bayan" a matsayin "saboda". Don haka ka rufe akwati ɗaya da yatsa, ka tambayi kanka: da babu wannan, na gabansa zai faru? In zai faru, goge kibiyar.